Yadda ake rubuta amsar tambayar tsari da zaɓi a soshiyoloji, da yadda za ka kare matsayin tsakiya

Duk ɗan soshiyoloji, ko a jami'ar tarayya ta Gusau yake ko ta Birnin Kebbi, sai wagga tambaya ta same shi, in ba a asainmen ba to a jarabawa: shin tsarin al'umma ne ke juya mutum ko kuwa mutum ne ke da ikon zaɓar abin da zai yi? Ita ce dai malamai ke ce ma sitirakca da ejensi. Abin da akasarin ɗalibai ke yi shi ne su kawo ma'anar wannan, su kawo ma'anar wancan, su jero sunayen Turawa uku ko huɗu, sannan a layin ƙarshe su ce "a ra'ayina duka biyun suna da muhimmanci". Wallahi wanga layi shi ke cinye maki, don babu wani malamin soshiyoloji a duniya da ke musun cewa duka biyun na da muhimmanci, ka ga ke nan ba ka kare komai ba. Kamar mai sasanci ne da aka kawo mashi rigimar iyakar gona ya ce kowa na da gaskiya ku yi haƙuri, an tashi taro amma har yanzu ba a san inda iyakar take ba. Matsayin tsakiya na gaske sai ya faɗi wanne ya riga wanne, wa ke da zaɓi mai faɗi wa ke da ƙarami, kuma a wane lokaci abin ya sauya. Abin da zan nuna ke nan, da misali guda daga nan gida Zamfara.

Fara da zaɓen misali kafin ka rubuta ko da harafi ɗaya

Na san an saba a fara da ma'ana, amma a takardar gwaji ka fara da misali, don shi zai nuna maka irin ma'anar da kake buƙata. Misali guda, wanda ka san shi ciki da bai, kuma wanda ya ɗauki lokaci yana faruwa, wato yana da kafin, yana da lokacin, yana da bayan. In misalinka hoto ne na rana guda ba za ka iya nuna yadda tsari da zaɓi ke taɓa juna ba.

Ni wanda zan ɗauka shi ne gubar dalma ta 2010. A farkon shekarar nan ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma na ciki. Da aka bincika sai aka tarar dutsen da ake haƙowa don neman zinare yana ɗauke da dalma mai yawan gaske, kuma ana kawo shi cikin gari, har cikin gidaje, a fasa a niƙa a wanke a shanya, ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. An ƙiyasta yara sama da 400 suka rasu, Allah ya sa masu ceto ne. Wanga abu ba labarin aji ba ne kawai, iyayen yaran nan suna nan da ransu, don haka in ka ɗauke shi ka rubuta da ladabi. Amma dai yana da duk abin da ake so a misali, kuma tambayar da ke cikinsa mai zafi ce: uban da ya shigo da dutsen nan gidansa, zaɓa ya yi ko tura shi aka yi?

Yanzu ka raba takardar gwajinka gida biyu. A hannun dama rubuta abubuwan da mai haƙar ya tarar, ba shi ya yi su ba kuma ba zai iya sauya su shi kaɗai ba. Farashin zinare a kasuwar duniya, wanda a 2001 bai kai dala 300 kowane oza ba amma zuwa ƙarshen 2009 ya wuce dala 1,000. Noman damina da ke barin mutum watanni da yawa na rani ba aikin kuɗi. Doka, don kundin tsarin mulki na 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun sa duk ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, ƙaramin mai haƙa da ba shi da lasisi yana aiki ne a gefen doka, ba mai zuwa ya duba yadda yake sarrafa dutse balle ya gaya mashi akwai guba. Sai kuma yadda aka raba aiki tsakanin maza da mata, matan aure da yawa sana'arsu a cikin gida take, to in ana son su samu nasu rabon dole aikin ya shigo gida ya same su. A hannun hagu rubuta abubuwan da wani ya yanke shawara ya yi: barin gona ko haɗa ta da haƙa, kawo dutse gida maimakon sarrafa shi a daji, sayen injin niƙa, kai yaro asibiti ko rashin kaiwa, yarda ko ƙin yarda a fitar da aikin bayan gari da aka gano matsalar.

Akwai abu guda da zai ruɗa ka, ita dalmar da ke cikin dutsen. Ita ba tsarin al'umma ba ce, halittar ƙasa ce. Kada ka sa ta a layin tsari. Tsari shi ne abin da ya sa dutsen ya baro rami ya iso tsakar gida.

Ma'ana, a gajarce kuma da hujja

Da ka gama rabon nan ma'anar za ta zo da sauƙi. Tsari shi ne dokoki, al'adu, matsayi da rabon dukiya waɗanda suka daɗe, suka riga mutum zuwa, kuma suke buɗe mashi wasu ƙofofi su rufe wasu. Zaɓi kuwa shi ne ikon mutum ya yi tunani a kan halin da yake ciki ya aikata, ta yadda da ya so da ya yi wani abin daban. Wanga kashi na ƙarshe, "da ya yi daban", ka riƙe shi da kyau don da shi za ka riƙa gwada kowace magana. Duk inda ka ce mutum na da zaɓi, tambayi kanka mi ne ɗayan abin da zai iya yi, kuma nawa zai ci mashi.

Sai gargaɗi guda da ya shafe mu musamman. Yawancinmu mun taso da karatun tauhidi, mun ji muhawarar Jabariyya da Ƙadariyya, sai ɗalibi ya ɗauka tsari shi ne ƙaddara ya shiga kawo ayoyi. A'a ɗan uwa, ba nan ake ba. Maganar ƙaddara tsakanin bawa da Ubangijinsa ce, tsari kuwa mutane suka yi shi, dokar 2007 majalisa ta zartar, farashin zinare masu saye da sayarwa suka kai shi inda ya kai, kuma mutane na iya sauya su. In ka gauraya biyun, amsarka ta bar soshiyoloji ta koma wani fanni.

Daga nan ka ba kowane ɓangare sakin layi guda, kuma ka gabatar da shi da ƙarfinsa, kada ka raunana shi don ya yi maka sauƙin kayarwa. A ɓangaren tsari Emile Durkheim ya isa. A littafinsa na 1895 kan ƙa'idojin binciken soshiyoloji ya ce akwai abubuwan al'umma da suke wajen mutum kuma suke tilasta shi, sannan a 1897 ya gwada wannan a kan kashe kai, abin da kowa zai ce shawarar mutum ce shi kaɗai, ya nuna adadin na bambanta tsakanin rukunoni ta hanyar da ba ta sauyawa sosai, misali ya fi yawa a tsakanin 'yan Furotesta fiye da 'yan Katolika. Kada ka tsaya nan, ɗauko shi ka kawo shi Anka. Mai bin Durkheim zai ce da gida guda ne ya rasa yaro sai a ce sakacin mai gidan ne, amma gidaje da yawa a ƙauyuka daban-daban a lokaci guda, sannan a 2015 irin abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, wasu mutane daban da ba su yi shawara da na Anka ba, to ba halin ɗaiɗaikun mutane ke bayyana wannan ba. Wannan hujja ce mai nauyi kuma ka bar ta da nauyinta.

A ɓangaren zaɓi ka kawo Max Weber, wanda ya ce aikin soshiyoloji shi ne fahimtar ma'anar da mai aiki ya ba aikinsa. Mai bin Weber zai ce farashin zinare bai taɓa ɗaukar dutse ya kai gida ba, mutum ne ya ɗauka, kuma yana da dalilinsa: kada a sace mashi a daji, ko iyalinsa su taya shi aiki kuɗin ya tsaya a gida. Kuma ba kowane gida aka sarrafa dutse ba, mafi yawa sun yi amma akwai waɗanda ba su yi ba alhali ƙauye guda, talauci guda, doka guda. In tsari ne kaɗai, mi ya sa aka samu bambanci?

Ka ga yanzu kowane ɓangare ya bar tambayar da ɗayan bai iya amsawa ba. Wanga shi ne dalilinka na zuwa tsakiya, kuma ka faɗe shi ƙarara a rubutun, kada ka bar malami ya yi hasashe.

Wace tsakiyar?

Nan ne ake zamewa, don tsakiyar ba guda ba ce. Karl Marx tun 1852 ya ce mutane ne ke yin tarihinsu amma ba yadda suka ga dama ba, a cikin yanayin da suka tarar suka gada. Magana ce mai kyau a gabatarwa amma ba ta gaya maka yadda abin ke aiki ba. Waɗanda suka yi ƙoƙarin bayyana yadda yake aiki, uku aka fi kawowa.

Anthony Giddens, a littafinsa na 1984, ya ce tsari da aiki fuska biyu ne na abu guda. Tsari dokoki ne da kayan aiki da mutane ke amfani da su wajen aikatawa, kuma a cikin aikatawar ne suke sake haifar da tsarin. Harshe ne misalin da ya fi fitar da ita: da nahawun Hausa kake magana, kuma maganar da kake yi ita ke raya nahawun. Pierre Bourdieu, wanda ya fara bincikensa a tsakanin mutanen yankin Kabiliya na Aljeriya, ya kawo habitus, wato tsari na shiga jikin mutum tun yana yaro har ya zama ɗabi'a da abin da yake gani daidai, sai ya riƙa zaɓa da kansa amma a cikin abin da aka saba mashi. Sai Margaret Archer, wadda a littafinta na 1995 ta soki Giddens kai tsaye, ta ce ya narkar da biyun wuri guda har ba a iya gane wanne ya yi wa wanne tasiri. Ita ta ce a raba su wajen nazari ta hanyar lokaci, a bi hawa uku: tsarin da aka tarar, sai mu'amalar mutane a cikinsa, sai sakamako, ko dai tsarin ya maimaita kansa ko ya sauya.

Ka zaɓi ɗaya daga cikin ukun nan. Ambaci sauran biyun a taƙaice ka faɗi dalilin da ya sa ba su ka ɗauka ba. Ni a wanga misali Archer nake ɗauka kuma ina ganin ita ta fi dacewa da ɗalibin da ke son ya kare matsayi, don tana ba ka jeri da za ka bi, kuma misalinmu na da kwanan wata. Dokar ma'adinai ta riga 2010, hawan farashi ya riga 2010, ba wanda zai ce mai haƙar Dareta ne ya haifar da su da aikinsa na ranar. Giddens na da amfani a wuri guda da zan nuna a ƙasa, amma in ka ɗauke shi gaba ɗaya za ka samu kanka kana maimaita "suna haifar da juna" har ƙarshen takarda ba ka ce komai a kan Anka ba. In misalinka na ɗabi'a ne, kamar mi ya sa ɗan manomi ke jin jami'a ba wurinsa ba ne ko da ya ci jarabawa, to Bourdieu ya fi.

Yanzu rubuta matsayinka a jimla ɗaya ko biyu, kuma ta zama wadda wani zai iya musawa. Ga irin wadda nake nufi, ka fara tsara ta da Hausa a kanka kafin ka mayar da ita harshen jarabawa:

"Wannan rubutu zai nuna cewa tsari ne ke ƙayyade irin zaɓin da ke gaban mutum da tsadar kowanne, amma ba shi ke yanke wanda za a ɗauka ba, kuma zaɓin mutane na iya sauya tsari ne kawai idan sun samu sani kuma suka yi aiki a haɗe. Za a gwada wannan da gubar dalma ta Zamfara ta 2010."

Dubi bambancinta da "duka biyun suna da muhimmanci". Wagga ta faɗi aikin kowanne, ta sa sharaɗi biyu, sani da haɗuwa, kuma ana iya kawo hujjar da za ta karya ta. A ƙarshen gabatarwa take zama, ba a kammalawa ba.

Zuciyar rubutun: bi hawa ukun da misalinka

Wanga sashe ya kamata ya fi kowanne tsawo. In an ce ka rubuta kalma 1,500, ba shi kamar 600.

Hawa na farko, abin da aka tarar. Kwaso abubuwan hannun dama na takardar gwajinka, amma kada ka jero su kawai, kowanne ka nuna wace ƙofa ya buɗe ko ya rufe. Hawan farashi ya sa dutsen da da can bai kai a wahala a kansa ba ya zama abin nema. Rashin aikin rani ya sa ƙin shiga haƙa ya yi tsada, don wanda ya ƙi yana kallon maƙwabcinsa na sayen babur shi kuwa hatsinsa na ƙarewa. Zaman aikin a gefen doka ya sa ba wanda ya auna dutsen. Ka lura ban ce ɗaya daga cikinsu ya tilasta kowa ba. Kalmomin da za ka riƙa amfani da su su ne ya sauƙaƙa, ya tsananta, ya sa ya yi tsada, ya rufe hanya. Da ka rubuta "talauci ya tilasta masu" ka koma ɓangaren Durkheim ba ka sani ba, kuma malami mai lura zai ja maka layi a nan.

Hawa na biyu, abin da mutane suka yi. Nan za ka kawo dalilan mai haƙar kamar yadda shi yake ganinsu, kuma nan ne Giddens ke da amfani, don ya yi maganar yanayin da mai aiki bai san da shi ba da kuma sakamakon da bai nufa ba. Uban da ya kawo dutse gida ya zaɓi kawo dutse, bai zaɓi guba ba don bai san tana ciki ba, yaran da suka fara shiɗewa ma an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ke nan zaɓinsa na gaske ne amma a kan sanin da yake da shi. Wannan rarrabewar ita ke hana rubutunka zama zargin iyayen da suka rasa 'ya'ya, kuma ita ke hana shi mayar da su kamar marasa hankali da iska ke kaɗawa.

A nan kuma ka yi abin da ɗalibai kaɗan ke yi, ka nuna zaɓi ba daidai aka raba shi ba. Yaro ɗan shekara biyu ba shi da ko kaɗan, kuma shi abin ya fi ci. Matar da ke daka dutse a tsakar gida na da ɗan zaɓi amma bai kai na mai gidan ba. Mai gidan bai kai dillalin da ke sayen zinare ba, wanda zai iya kwashe kuɗinsa ya koma wata harka gobe. Ka ga tambayar ta tashi daga "akwai zaɓi ko babu" ta koma "wa ke da nawa", kuma amsar wannan daga tsari take fitowa, matsayin mutum ne ke auna faɗin zaɓinsa. In ka rubuta wanga sakin layi da kyau ka riga ka nuna ka fahimci darasin.

Hawa na uku, sakamako, kuma a raba shi biyu don gaskiya. Akwai abin da ya sauya: bayan an gano dalilin, masu sarauta da jama'ar gari da ma'aikatan lafiya sun haɗu an fitar da sarrafa dutse daga gidaje zuwa bayan gari, an kwashe gurɓatacciyar ƙasar tsakar gidaje an zuba sabuwa, an yi wa dubban yara maganin fitar da dalma daga jini, kuma mace-macen sun ragu ƙwarai. Bagega sai a 2013 aka tsabtace ta, bayan an daɗe ana matsa wa gwamnati ta saki kuɗin. Wannan sabuwar ƙa'ida ce da aikin mutane ya haifar, kuma yaron da aka haifa bayanta ya tarar da ita a matsayin tsari. Sai abin da bai sauya ba: tsadar zinare, rashin aikin rani, zaman ƙaramin mai haƙa a gefen doka. Ko da gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu 2019, haramcin da aka ɗage a Disamba 2024, haƙar ba ta tsaya cak ba. Ka ga matsayinka ya fito: sani da haɗuwa sun sauya tsarin da ke kusa, na cikin gari, amma wanda ke nesa ya fi ƙarfin ƙauye.

Kare kanka daga ɓangarori biyu

Wanda ya tsaya a tsakiya ta gefe biyu ake jifarsa, don haka suka biyu za ka kawo, ba ɗaya ba, kuma da bakinka za ka kawo su kafin malami ya kawo.

Mai ra'ayin tsari zai ce abin da kake kira zaɓi suna ne kawai, mutumin da zaɓinsa ke tsakanin haƙa da yunwa ina zaɓi a nan? Kada ka yi fushi da sukan, ka amsa mashi rabi. E, a kan shiga haƙa ko rashin shiga zaɓin ƙarami ne ƙwarai ga talaka. Amma a kan inda za a niƙa dutsen akwai zaɓi, hujja kuwa ita ce an sauya wurin bayan 2010 alhali talaucin na nan, farashin ma ƙara hawa ya yi a 2011. In tsari kaɗai ke aiki bai kamata komai ya motsa ba tunda tsarin bai motsa ba.

Mai ra'ayin zaɓi kuma zai ce kana wanke mutane daga alhakin abin da suka yi, tunda ga maƙwabtansu da ba su kawo dutse gida ba. Shi ma ka amsa mashi rabi, bambancin na nan kuma yana nuna mutane ba injin ba ne. Amma sai a tambaya su waɗanda ba su yi ba su wane ne, shin ba masu wata hanyar samu ba ne, mai shago ko mai shanu ko mai albashi? In haka ne to wani kashi na bambancin ma daga matsayi ya fito. A nan ka yi hankali, in ba ka da bayanan da ke nuna haka ka rubuta shi a matsayin tambayar da bincike zai amsa, kada ka ƙirƙiro alƙaluma, malamai na gane na ƙirƙira da wuri kuma yana zubar da sauran hujjojinka na gaskiya.

Sannan ƙara jimla biyu ka faɗi abin da zai karya matsayinka. Misali, da an ga mutane sun samu cikakken sani, sun haɗu, amma ko wurin niƙa bai sauya ba, da mai ra'ayin tsari ya yi gaskiya. Wasu na tsoron wannan wai kamar suna rage wa kansu ƙarfi ne, alhali shi ke nuna matsayin naka magana ce da ake iya gwadawa.

Kammalawa da dubawa

Kammalawa gajera ce, sakin layi guda. Maimaita matsayinka da wasu kalmomi, faɗi abin da misalin ya nuna, sannan faɗi iyakarsa, cewa misali guda ne na ƙauyukan haƙar zinare kuma a wani fagen rabon na iya bambanta. Kada ka shigo da sabon suna a nan, kuma kada ka koma ba gwamnati shawarwari in ba a tambaye ka ba, ɗalibanmu na son wannan sosai amma tambayar ta nazari ce.

Kafin ka miƙa, ɗauki biro ka bi rubutun ka sa alama a duk inda sunan wani masani ya fito. In bayan sunan babu jimlar da ta haɗa shi da misalinka, ko dai ka ƙara ta ko ka cire sunan, Durkheim da aka ambata aka wuce bai ƙara maka komai ba. Sai ka nemi kalmomi irin "al'umma ta sa" ko "tsari ya yanke", ka tambayi kanka ta hannun wa, don tsari ba ya aiki sai ta hannun wani mutum, dillali ko jami'i ko mai gida. Ka kuma duba akasin haka, duk inda ka ce wani "ya zaɓa" ka tabbata ka nuna ɗayan zaɓin da tsadarsa. Na ƙarshe, rufe sunan misalin ka karanta sashen tsakiya, in zai zauna daidai a kan shaye-shaye ko auren wuri ba tare da ka sauya komai ba to ba ka shiga misalin ba tukuna, koma ka sa wurare da shekaru da mutanen da abin ya shafa.

In a ɗakin jarabawa ne kuma minti 40 kake da su, jerin bai sauya ba sai dai tsawo. Ba takardar gwaji minti 5, ka raba ta biyu kamar yadda muka yi ka rubuta jimlar matsayi. Durkheim da Weber kowa layi huɗu ko biyar, masanin tsakiya guda kawai, hawa ukun su ci rabin lokacin, kuma in lokaci ya ƙure ka kawo suka ɗaya maimakon biyu, wanda ya fi yi wa matsayinka barazana, a misalin dalma na mai ra'ayin tsari ne.